Saƙon aiki ba emoji, ba ihu: yadda za a gyara shi bai yi sanyi ba

A watan Maris na 2021, wani mai sayen amfanin gona a lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada ya ɗauki hoton takardar yarjejeniya ya tura wa wani manomi ta waya, ya ce ya tabbatar masa da cinikin. Manomin ya mayar masa da hoton babban yatsa a ɗage, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Lokacin kai kaya ya yi, farashi ya riga ya tashi, manomin bai kai ba. Da aka je kotu sai ya ce shi nufinsa ya ga saƙon ne kawai. A 2023 alƙali ya yanke cewa yatsan nan amincewa ce, musamman da yake a cinikinsu na baya da 'yan gajerun amsoshi yake tabbatarwa, aka ce ya biya sama da dalar Kanada 82,000.

Irin wannan ne ya sa wasu wuraren aiki ke cewa a daina sa emoji a saƙon aiki, a bar rubuta jimla da manyan baƙaƙe, a rage alamar motsin rai. Dalilin yana da ƙarfi. Yatsa ɗaya na iya nufin na gani, ko na yarda, ko kuma ya isa haka. Hoton hannaye biyu a haɗe wani godiya yake nufi da shi, wani roƙo, wani addu'a. Zanen kansa ma ba iri ɗaya yake fitowa a kowace waya ba. Makaho kuwa da ke amfani da manhajar da ke karanta masa rubutu, sunan kowane emoji za ta faɗa masa, in biyar aka jera sai ya saurari biyar kafin ya kai ga maganar. Wani bincike da aka wallafa a 2017, na Ella Glikson da abokan aikinta, ya nuna cewa fuskar murmushi a wasiƙar aiki zuwa ga wanda bai san ka ba ba ta sa a ga kana da fara'a, sai ma ta sa a rage ganin ƙwarewarka. Manyan baƙaƙe kuma tun 1995 takardar ladubban intanet mai lamba RFC 1855 ta yi gargaɗin cewa kamar ihu suke a idon mai karatu.

Amma akwai kuskuren da ake yawan yi: a goge alamomin, a tura abin da ya rage. Kowace daga cikinsu aiki take yi a saƙon. In an cire ta ba a ɗora wa kalmomi aikin ba, saƙon zai fito a bushe, wani lokaci har ya fi na farko zafi.

Mu ɗauki misali. Shugabar sashen kuɗi ta rubuta a zauren WhatsApp na ma'aikata:

"DON ALLAH KOWA YA KAWO RASIT ƊINSA YAU!!! BA ZAN ƘARA JIRA BA 🙏😊"

Manyan baƙaƙen suna cewa abin na gaggawa ne. Alamomin motsin rai uku suna cewa ta gaji. Emoji biyun na ƙarshe kuma suna lallashi, wato kada a ɗauka faɗa take yi. In aka goge su duka, abin da zai rage shi ne: "Don Allah kowa ya kawo rasit ɗinsa yau. Ba zan ƙara jira ba." Lallashin ya tafi, barazanar ta tsaya ita kaɗai. Wanda ya karanta wannan da safe zai wuni yana tunanin laifin da ya yi.

Gyaran yana farawa da tambayar abin da ya sa ta gaggawa. A ce za ta rufe lissafin wata ne gobe. To wannan shi ya kamata ya hau kujerar manyan baƙaƙen, domin lokaci da dalili sun fi ihu motsa mutum:

"Barkanmu da safiya, sannunku da aiki. Gobe Alhamis zan rufe lissafin wannan wata, saboda haka ina roƙon a kawo min rasit kafin ƙarfe 4 na yammacin yau. Wanda bai shigo ba sai a biyan wata mai zuwa. In akwai wanda nasa ya ɓata, ya yi min magana mu ga yadda za a yi. Na gode."

A lura da inda kowane abu ya koma. Gaggawar ta koma cikin ƙarfe 4. "Ba zan ƙara jira ba" ta zama bayanin abin da zai faru, wanda gaskiya ne, ba fushi ba. Murmushin ya koma cikin gaisuwa da kuma ƙofar da ta buɗe wa wanda rasit ɗinsa ya ɓata, kuma a ganina wannan jimlar ta fi kowace ɗaukar nauyin zumunci, don ta nuna ta yi tunanin halin da mai karatu yake ciki. Saƙon ya ƙara tsawo, amma ba wanda zai sake tambayar "yau da wane lokaci?"

Mai rubutu da Hausa yana da gata a nan, domin harshen ya riga ya tanadi kayan sassauta magana. "A kawo min" ta fi "ka kawo min" laushi, don ba ta nuna kowa da yatsa. "Ku" ga babba girmamawa ce da ba ta bukatar wani hoto. Ga kuma ƙananan kalmomin nan da ke ɗauke da abin da murya ke yi a baki: "a daure dai a kawo" roƙo ne, "yau fa" jan hankali ne mai taushi. Sai dai a yi hattara da "mana". "Kawo mana" a baki da dariya wasa ce, a rubuce kuwa tana iya zama ƙosawa.

Yabo shi ma haka. Maimakon tafi uku da hoton wuta, a faɗi abin da aka gani: "Malam, jadawalin da ka sa a shafi na biyu ya sauƙaƙa min bayani a taron jiya, Allah ya saka." Wannan yana nuna an karanta aikin. Amsa kuma a fayyace ta, kada a maimaita abin manomin Kanada: "Na gani, zan duba in ba ka amsa gobe" daban, "Na amince, a ci gaba" daban.

Cire manyan baƙaƙe ba ya shafar farkon jimla, da sunaye, da gajartattun sunaye irin su BVN da NIN. In akwai abu ɗaya da dole ido ya faɗa kansa, kamar ranar taro, a ware masa layinsa, ko a kaurara shi. A WhatsApp ana yin haka ta sa tauraro gaba da baya, kamar `*Alhamis*`. Abu ɗaya tak a saƙo, in an kaurara biyar babu wanda zai fito.

Akwai wurin da abin ke ɓaci ko an yi komai daidai. Wanda ya saba cika saƙonsa da dariya, ran da ya turo "To." da aya, abokan aiki za su ɗauka ya yi fushi. Alamar da za a gane ita ce a fara samun "lafiya dai ko?" a amsa. Maganinsa a sanar da mutane tun farko cewa an sauya salon rubutu ne, sannan a guji amsa mai kalma ɗaya: "To, na gode, zan yi" ta wadatar. Zolaya kuwa, wadda emoji ne kaɗai ke nuna wasa ce, gara a bar ta sai an haɗu. In kuma maganar gyaran kuskure ce mai nauyi, ko ta'aziyya, ko wani saɓani da ya riga ya ɗauki zafi, a kira mutum a waya ko a taka zuwa teburinsa, daga baya a rubuta abin da aka tsayar a layi biyu don ya zama shaida.