Alƙaluman Laifi: Me Littafin 'Yan Sanda Yake Ƙirgawa?

A rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta fitar kan laifukan da aka kai wa 'yan sandan Najeriya a shekarar 2017, jimillar ƙararrakin ta kai 134,663. Jihar Legas kaɗai ta ɗauki 50,975, wato kusan kashi 38 cikin ɗari. A can ƙasan jerin akwai Kebbi da ƙara 205, sai Kogi da 282, sai Bauchi da 386. Wanda ya karanta wannan jeri kai tsaye zai ce laifin da ake aikatawa a Legas ya ninka na Kebbi kusan sau 250.

Abu na farko da mai nazari zai yi shi ne ya raba ƙararrakin da yawan jama'a, domin gari mai mutane da yawa dole ya fi yawan ƙara. A ƙidayar 2006, Legas tana da mutum kimanin miliyan 9.1, Kebbi kuma kimanin miliyan 3.3. Idan aka yi lissafin, Legas za ta tashi da ƙara kusan 560 a kowane mutum dubu ɗari, Kebbi kuma da ƙara shida. Tazarar ta ragu, amma har yanzu ninki ne kusan casa'in. Shi kansa wannan lissafi yana da rauni, don an raba ƙarar 2017 da ƙidayar da ta girme ta da shekara goma sha ɗaya, ƙidayar da gwamnatin Legas ma ta ƙi amincewa da ita tun farko. Duk da haka, babu gyaran yawan jama'a da zai sa hankali ya yarda cewa a jiha guda, a shekara guda, sata da duka da zamba da kisa duka-duka 205 aka yi. Ƙara 205 a shekara bai kai ƙara ɗaya a rana ba, a jihar da ke da ƙananan hukumomi 21.

Don a gane inda sauran suka shige, sai a bi laifi ɗaya daga aukuwarsa zuwa shigarsa takarda. A ce an sace wa manomi akuya biyu cikin dare a wani ƙauye. Da safe zai fara zuwa wurin mai unguwa ne, ko dagaci, ko shugaban 'yan banga. Idan aka gano ɓarawon ɗan maƙwabci ne, dattawa za su zauna, a biya kuɗin akuya, a rufe magana don zumunci. Idan ba a gano shi ba, manomin zai auna kuɗin motar zuwa ofishin 'yan sanda, da wunin da zai rasa a gona, da abin da yake tsammanin za a nema a hannunsa kafin a motsa, sai ya ga asarar za ta fi akuyar, ya bar wa Allah. Mai shago a Ikeja da aka fasa wa kanti kuwa yana iya buƙatar takardar rahoton 'yan sanda don kamfanin inshora ko banki, kuma ofishin yana nan kusa da shi. Duka biyun an yi musu sata, amma ɗaya ne kawai zai bayyana a ƙididdiga.

Wasu laifukan ma wanda aka yi wa ne yake ɓoyewa. Fyaɗe shi ne babban misali, inda iyali ke tsoron abin da zai biyo bayan sunan yarinya. Dukan mata a gidan aure sau da yawa ba a ma ɗaukarsa laifin da ake kai wa hukuma. Wasu kuma babu mai kai ƙara sam, kamar cinikin ƙwaya ko cin hanci, inda mai bayarwa da mai karɓa duk sun amince. Irin waɗannan ba sa shiga littafi sai jami'ai sun fita nema. Saboda haka idan adadin kamen masu ƙwaya ya ninka a wata shekara, abin da aka tabbatar shi ne an ƙara samame. Ko shan ƙwayar ya ƙaru, wannan tambaya ce daban.

Ko ƙarar da ta isa kanta ba lallai ta shiga littafi ba. Jami'in da ke bakin aiki yana iya cewa wannan rigimar gida ce, a je a sasanta. Kuma shugaban ofishin da ake auna ƙoƙarinsa da raguwar laifi a yankinsa ba shi da wani dalilin son littafinsa ya cika. Wannan ba matsalar ƙasashe matalauta kaɗai ba ce. A 2014, hukumar da ke sa ido kan aikin 'yan sanda a Ingila da Wales ta gano cewa kusan laifi ɗaya cikin biyar da jama'a suka kai ba a rubuta shi ba, kuma a wannan shekarar ce hukumar ƙididdigar Birtaniya ta cire alƙaluman 'yan sanda daga cikin waɗanda take ba wa shaidar inganci. Bayan an matsa musu sun gyara rubutu, adadin wasu laifuka ya yi tsalle a takarda, jaridu suka yi ta kururuwar ƙaruwar laifi, alhali babban ɓangaren ƙarin daga alƙalami ya fito.

A Najeriya akwai ƙarin sarƙaƙiya. Kudu da Arewa ba kundin dokar laifuka ɗaya suke bi ba tun ƙarshen zamanin Turawa, sannan daga shekarar 2000 jihohin Arewa da dama, Zamfara a gaba, suka kafa dokokin laifuka na Shari'a. Mutum yana iya shigar da ƙara kai tsaye a kotu, ko ya je Hisba a jihohin da take, ko a kai maganar ga NDLEA ko EFCC. Kowace da nata littafin, kuma babu wanda ke cikin waccan jimilla ta 'yan sanda.

Maganin da masana suka samo wa wannan giɓi shi ne su tsallake 'yan sanda su tambayi jama'a. Ana zaɓar gidaje ta hanyar ƙuri'a, a tambayi mutanen ciki ko an yi musu wani laifi cikin wata goma sha biyu da suka wuce, ko sun kai ƙara ko ba su kai ba. Amurka ta fara irin wannan bincike a kai a kai a 1973, Birtaniya a 1982. A Disambar 2024 NBS ta fitar da nata, wanda ya shafi Mayun 2023 zuwa Afrilun 2024, kuma ya ƙiyasta laifuka kusan miliyan 51.9, Arewa maso Yamma ce kan gaba da sama da miliyan 14. Yankin da littafin 'yan sanda ya nuna kamar babu abin da ke faruwa a wasu jihohinsa, shi ne jama'arsa suka fi kuka. Shekarun ba ɗaya ba ne, kuma tsaro ya taɓarɓare a tsakani, amma tazarar dubu 134 da miliyan 51 ta fi ƙarfin wannan bayanin.

Sai dai binciken ma ya zo da abin da ya kamata ya tsayar da mai karatu. Ya ƙiyasta kisan kai 614,937 a shekara ɗaya. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi da laifuka ya ƙiyasta kisan kai a duniya baki ɗaya a 2021 da kimanin 458,000. Ba zai yiwu Najeriya ita kaɗai ta zarce duniyar da take ciki ba. Wannan gwaji, na ajiye adadi kusa da wani adadin da aka sani, shi ne mafi arha a hannun mai nazari, kuma abin mamaki ne yadda ake yawan tsallake shi.

Yadda irin wannan kumburi ke faruwa ba ɓoyayye ba ne. A binciken gidaje, kowane gida da aka tambaya yana wakiltar dubban gidajen da ba a je ba. A ce, a misali kawai, gida ɗaya yana tsaye a madadin gida 4,000. To, gida 150 ne kacal za su ce an kashe musu mutum, adadin ƙasa ya zama 600,000. Ga laifi mai yawan aukuwa kamar satar waya, kuskuren gida goma ba ya sauya komai. Ga laifin da ba kasafai ake yi ba, kowane kuskure ana ninka shi sau dubbai. Kuskuren kuwa yana da ƙofofi. Wanda aka kashe wa ƙani shekara biyu da suka wuce zai iya sa shi cikin bara, domin ciwon bai tsufa a zuciyarsa ba. Kuma a wurinmu kalmar gida tana da faɗi: mamaci ɗaya na iya zama ɗan gida a wurin mahaifinsa, da matarsa, da yayansa da ke wani gari, kowa ya ambace shi da gaskiyarsa.

Hanya ta uku ita ce bayanan da wasu suka tattara don buƙatar kansu, kuma a harkar tsaron Najeriya yawancinsu daga jarida ake tsinto su. Haka Nigeria Watch take ƙirga mace-macen tashin hankali tun 2006, haka kuma kamfanin SBM Intelligence yake dogara ƙwarai da abin da aka ruwaito wajen bin diddigin garkuwa da mutane. Rahoton SBM na Yulin 2023 zuwa Yunin 2024 ya ƙirga mutum 7,568 da aka sace, da kuɗin fansa kimanin naira biliyan ɗaya da aka biya. Binciken NBS na kusan wannan lokaci ya ƙiyasta garkuwa sama da miliyan 2.2, da fansar naira tiriliyan 2.23. Ɗaya ya ninka ɗaya sau dubu biyu a kuɗi.

Kuskure ne a raba tsakiya a ce gaskiya tana nan. Adadin SBM ƙasa ne da ba za a sauka daga gare shi ba, tun da kowace garkuwa da ke ciki akwai wanda ya ruwaito ta, amma bai san wadda ba a buga ba. Satar ɗalibai a makaranta ko fasinjoji a babbar hanya tana shiga labarai; mutum ɗaya da aka ɗauke a gonarsa, dangi suka sayar da shanu suka fanso shi cikin sirri don kada 'yan bindiga su fusata, babu ɗan jaridar da zai ji. Lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, labarai daga ƙauyuka sun yi wuyar fitowa, kuma duk wanda ya ga raguwa a jadawalin waɗannan watanni sai ya fara tambayar ko harin ne ya ragu ko hanyar ba da labarin ce ta toshe. Adadin NBS kuwa ƙiyasi ne da aka ninka daga samfuri, yana ganin ɓoyayyen, amma yana ɗauke da cutar ninki da muka gani a kan kisa.

Da haka kowane tushe yana da tambayar da zai iya amsawa. Littafin 'yan sanda yana nuna nauyin aikin da ke kansu da irin ƙarar da jama'a suka ga ta cancanci kaiwa, kuma za a iya bin sauyinsa a jiha ɗaya daga shekara zuwa shekara muddin ba a canza dokar rubutu ba; kwatanta Kebbi da Legas da shi kuwa ɓata takarda ne. Bayanan jarida suna da amfani wajen sanin ina da yaushe manyan hare-hare suka auku. Binciken gidaje ya fi ƙarfi a kan kaso fiye da jimilla. Misali, rahoton 2024 ya nuna cewa cikin gidajen da aka shiga aka yi wa fashi, kusan kashi 36 cikin ɗari ne suka kai ƙara ga 'yan sanda. Wannan kaso bai dogara da ninka samfuri zuwa miliyoyi ba, kuma yana gaya wa mai riƙe da littafin 'yan sanda cewa, ko da an rubuta duk abin da aka kawo, kusan fashi biyu cikin uku ba su taɓa zuwa gabansa ba.