Daidaita Ikweshan a Kemistiri: Ƙidayar Atam da Ƙidayar Caji

Ikweshan a darasin kemistiri taƙaitaccen bayani ne na abin da ke faruwa idan sinadarai suka haɗu suka rikiɗa. A hagun kibiya ake rubuta abubuwan da aka haɗa, a damanta kuma abubuwan da suka samu. Idan takardar aikin ɗaliban sakandare ta ce a daidaita ikweshan, abin da take nufi shi ne a sa yawan kowane irin atam da ke hagu ya yi daidai da na dama. Dalilin haka ƙa'ida ce da masanin nan na Faransa, Antoine Lavoisier, ya bayyana a littafinsa na shekarar 1789: haɗuwar sinadarai ba ta ƙirƙiro sabon abu daga babu, ba ta kuma ɓatar da wanda yake akwai. Atam dai suna sauya abokan zama ne kawai, adadinsu yana nan yadda yake.

Lambobi iri biyu ne a cikin kowane ikweshan, kuma ɗaya kaɗai ɗalibi ke da ikon taɓawa. Ƙaramar lambar da ke maƙale a ƙasan harafi, kamar 2 da ke cikin H₂O, ita ce ke faɗin ko wane sinadari ne. Babbar lambar da ake ajiyewa a gaban fomula kuwa tana faɗin guda nawa ake da su. Wanda ya rubuta 2H₂O ya ce ruwa kashi biyu. Wanda ya mai da H₂O ya koma H₂O₂ don oksijin ya cika masa, ya bar maganar ruwa ke nan, ya koma kan wani sinadari dabam da ake wanke rauni da shi. Don haka duk aikin daidaitawa a lambobin gaba yake ƙarewa.

Ƙonewar butan, ɗaya daga cikin sinadaran da ke cikin tukunyar gas ta girki, misali ne da ke nuna tsarin da ya kamata a bi:

C₄H₁₀ + O₂ → CO₂ + H₂O

Ana farawa da atam ɗin da ya bayyana a wuri ɗaya tak a kowane ɓangare. Kabon huɗu ne a hagu, sai a sa 4 a gaban CO₂. Haidirojin goma ne, kowane H₂O kuma yana ɗauke da biyu, sai a sa 5 a gabansa. Oksijin ake bari a ƙarshe, domin yana tsaye shi kaɗai a hagu, ana iya canza lambarsa ba tare da an rusa abin da aka riga aka gina ba. A dama yanzu akwai oksijin takwas daga 4CO₂ da biyar daga 5H₂O, jimla goma sha uku. Tunda bibbiyu yake zuwa a O₂, ana buƙatar shida da rabi. Sai a ninka kowace lamba sau biyu domin a rabu da rabin:

2C₄H₁₀ + 13O₂ → 8CO₂ + 10H₂O

Oksijin ya zama 26 a kowane ɓangare, kabon 8, haidirojin 20.

Wannan dabara ta ƙirga da ido tana isar da ɗalibi a rabin farko na takardar. Tana gazawa ne idan aka zo kan ayon, wato atam ko gungun atam da ke ɗauke da cajin lantarki. Ga abin da ake rubutawa idan aka tsoma wayar jan ƙarfe a cikin ruwan da ke da ayon ɗin azurfa:

Cu + Ag⁺ → Cu²⁺ + Ag

Duk wanda ya ƙirga atam kawai zai ce aiki ya kammala, domin jan ƙarfe ɗaya ne a kowane gefe, azurfa ma ɗaya. Amma cajin hagu +1 ne, na dama +2. Jan ƙarfen ya saki ilektaron biyu, ayon ɗin azurfa guda ɗaya kuwa ɗaya kawai yake iya karɓa, ɗayan ilektaron ɗin ba shi da masauki. Gyaran shi ne a sa 2 a gaban Ag⁺ da kuma gaban Ag. A nan ne ainihin maganar ridoks take: wani sinadari yana ba da ilektaron, ana kiran wannan oksideshan, wani yana karɓa, ana kiransa ridakshan, kuma tilas abin da aka bayar ya zo daidai da abin da aka karɓa. Kamar ciniki ne, kuɗin da ya bar hannun mai saye shi ne wanda ya shiga aljihun mai sayarwa, ba ƙari ba ragi.

Misalin da kusan ba a rasa shi a takardun shirin jarrabawar WAEC da NECO shi ne haɗuwar famanganet da ayon ɗin ƙarfe a cikin ruwan asid. Yawanci ƙwarangwal kawai ake ba ɗalibi:

MnO₄⁻ + Fe²⁺ → Mn²⁺ + Fe³⁺

Oksijin huɗu ne a hagu, babu ko ɗaya a dama, kuma babu lambar gaba da za ta iya gyara wannan. Jimlar nan da ake rubutawa a saman tambayar, cewa abin yana faruwa a ruwan asid, ita ce mabuɗin. Tana ba da izinin ƙara abubuwa biyu waɗanda dama suna cikin kwalbar da yawa ko da ba a rubuta su ba: ruwa, H₂O, da ayon ɗin haidirojin, H⁺.

Ana tsaga ikweshan ɗin gida biyu, a yi wa kowane rabi aikinsa. Rabin ƙarfe ba ya ɗaukar lokaci. Fe²⁺ ya koma Fe³⁺, cajinsa ya hau da ɗaya, wato ya saki ilektaron guda:

Fe²⁺ → Fe³⁺ + e⁻

Rabin manganis ne ke buƙatar natsuwa, kuma jerin matakansa ba a juya shi. Da farko a duba atam ɗin da ba oksijin ba ne ba kuma haidirojin ba. Manganis ɗaya ne a hagu, ɗaya a dama, babu abin gyara. Sai oksijin: huɗun da ke cikin MnO₄⁻ suna buƙatar wurin zuwa, don haka a ƙara 4H₂O a dama. Wannan ruwan ya shigo da haidirojin takwas a dama, sai a biya su da 8H⁺ a hagu. Yanzu atam sun daidaita, saura caji. A hagu akwai −1 daga famanganet da +8 daga haidirojin, jimla +7. A dama +2 ne kawai, domin ruwa ba shi da caji. Kowane ilektaron cajinsa −1 ne, saboda haka a kullum ana ƙara shi a gefen da cajinsa ya fi yawa. Daga +7 zuwa +2 tazarar biyar ce:

MnO₄⁻ + 8H⁺ + 5e⁻ → Mn²⁺ + 4H₂O

Akwai hanyar tabbatar da wannan biyar ɗin ta wata fuska. A cikin MnO₄⁻ kowane oksijin ana ba shi lambar oksideshan −2, huɗun sun zama −8, cajin ayon ɗin gaba ɗaya kuma −1 ne, ke nan manganis yana kan +7. Ya sauko zuwa +2, ya karɓi ilektaron biyar. Idan hanyoyin biyu suka ba da amsa dabam-dabam, akwai kuskure a ƙidayar, galibi a wajen tara cajin.

Famanganet ɗaya yana neman ilektaron biyar, ayon ɗin ƙarfe ɗaya yana ba da guda. Sai a ninka rabin ƙarfe sau biyar, a haɗa rabin biyu, ilektaron biyar na hagu su soke biyar na dama:

MnO₄⁻ + 8H⁺ + 5Fe²⁺ → Mn²⁺ + 5Fe³⁺ + 4H₂O

Binciken ƙarshe sau biyu ake yin sa. Atam: manganis 1, oksijin 4, haidirojin 8, ƙarfe 5 a kowane gefe. Caji: a hagu −1 da +8 da +10 sun ba da +17, a dama +2 da +15 sun ba da +17. Ba a buƙatar cajin ya zama sifiri, abin da ake buƙata kawai shi ne gefen biyu su yi daidai. Ɗalibai da dama suna ɓata amsa mai kyau saboda zaton cewa sai jimlar ta koma sifiri. Alamar kuskure mafi saurin ganewa kuwa ita ce a ga e⁻ ya saura a ikweshan na ƙarshe, ko a ga ilektaron a gefe guda a rabin biyun duka, wanda ke nufin kowa yana bayarwa babu mai karɓa.

Daikuromet yana bin matakan nan ɗaya, sai dai yana da tarko a matakin farko. Kuromiyam biyu ne a cikin Cr₂O₇²⁻, don haka tilas a rubuta 2Cr³⁺ a dama tun kafin a taɓa oksijin. Daga nan 7H₂O a dama, 14H⁺ a hagu. Cajin hagu +12 ne, na dama kuwa +6, domin ayon biyu ne kowanne da +3. Wanda ya ƙirga +3 kawai zai sami ilektaron tara maimakon shida, kuma duk abin da ya biyo baya ya lalace.

Cr₂O₇²⁻ + 14H⁺ + 6e⁻ → 2Cr³⁺ + 7H₂O

H⁺ ɗin da ke cikin waɗannan ikweshan ba dabarar cike gurbi ba ce a kan takarda, ana cinye shi da gaske, kuma ana ganin shaidar haka a ɗakin gwaji. Ruwan famanganet launin shunayya ne mai duhu. Idan aka ɗiga shi a kan Fe²⁺ mai isasshen asid, launin yana ɓacewa nan take saboda Mn²⁺ kusan ba shi da launi, har sai ƙarfen ya ƙare, sannan ɗigo ɗaya ya bar ruwan da launin hoda mai haske. Idan asid ɗin ya yi kaɗan, manganis ba ya kaiwa +2. Yana tsayawa a +4, ya fito a matsayin MnO₂, wani gari mai ruwan ƙasa da ke gurɓata kwalbar. A wannan hali ilektaron uku ya karɓa maimakon biyar, lissafin ɗaya bisa biyar ya daina aiki.

Irin asid ɗin ma yana da muhimmanci, ko da yake H⁺ kawai ake rubutawa. H₂SO₄ da aka sirka da ruwa ake amfani da shi tare da famanganet. Ana guje wa HCl saboda famanganet yana iya ƙwace ilektaron daga Cl⁻ ya mai da shi iskar kulorin, ta haka wani ɓangarensa ya ƙare a kan asid ɗin maimakon ƙarfen. HNO₃ kuwa shi kansa mai karɓar ilektaron ne, zai taya famanganet mai da Fe²⁺ zuwa Fe³⁺. Shi ya sa idan tambaya ta nemi cikakken ikweshan da dukkan ayon ɗin da aka ɓoye, da salfet ake rubuta shi. Tunda Fe₂(SO₄)₃ yana ɗauke da ƙarfe bibbiyu, biyar kuma ba ta rabuwa biyu, sai an ninka komai sau biyu tukuna:

2KMnO₄ + 10FeSO₄ + 8H₂SO₄ → K₂SO₄ + 2MnSO₄ + 5Fe₂(SO₄)₃ + 8H₂O

A wajen duba shi, ana ƙirga SO₄ a dunƙule kamar abu guda, tunda bai canza ba: goma da takwas a hagu, ɗaya da biyu da goma sha biyar a dama, 18 a kowane gefe.