Saƙa da Warwara a Kan Shimfiɗa

Akwai mutumin da gyangyaɗi kan fizge shi yana zaune a tsakar gida bayan sallar isha'i, har a ce masa ya tashi ya je ya kwanta. Da zarar ya sa haƙarƙarinsa a katifa kuwa, sai ido ya bushe. Kuɗin makarantar yara ya faɗo masa a rai, daga nan zubin adashe, daga nan wata baƙar magana da aka yaɓa masa a wurin ɗaurin aure wata uku da suka wuce. Ya juya dama, ya juya hagu, yana ta saƙa da warwara har carar zakara ta farko.

Ba dare ne ya haifi waɗannan tunane-tunane ba. Suna nan tun da rana, hidima da hayaniya ne suka danne su. Ƙwaƙwalwa tana da ɗabi'ar riƙe duk abin da ba a kammala ba, tana maimaita shi don kada a manta, kuma shirun dare ne lokacin farko da take samun mai saurarenta. Jiki kuma ba ya bambance bashin da ake tunawa da haɗarin da ke tsaye a bakin ƙofa. Sai ya saki sinadaran shirin ko-ta-kwana, zuciya ta ƙara bugu, kafaɗu su ɗaure, numfashi ya gajarta. Barci ba ya shiga jikin da ke cikin wannan shiri.

Daga nan sai damuwa ta biyu ta hau kan ta farko, kuma ita ce ta fi cin rai: fargabar rashin barcin kansa. Mutum ya jawo waya ya duba, ƙarfe ɗaya da rabi, ya fara lissafin awa nawa suka rage kafin asuba. Masu cewa "ka cire tunani a ranka kawai" suna da kyakkyawar niyya, amma shawarar ba ta aiki. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya nuna cewa idan aka hana mutum tunanin wani abu, abin sai ya ƙara dawo masa, domin mai gadin kada tunani ya shigo dole ya riƙa tuna abin da yake gadi.

Tunda korar tunani ba ta yiwuwa, abin yi shi ne a ba shi nasa lokaci tun kafin a kwanta. A ɗauki misalin tela, saura kwana goma sallah, ɗinki ya yi masa yawa, ga kuɗin hayar shago, ga janareta yana ba da matsala. Bayan magariba, ba a kan gado ba, sai ya zauna da takarda na minti goma ko sha biyar, ya ja layi a tsakiya. A ɓangare ɗaya ya rubuta abin da ke damunsa, a ɗayan ya rubuta matakin farko da zai iya ɗauka da lokacinsa. "Kayan Hajiya kala huɗu": a yanka biyu gobe kafin azahar. "Janareta": a kira makanike ƙarfe takwas. "Haya": a je a ga mai shago ranar Laraba a nemi ya karɓi rabi. Abin da ba shi da mataki, kamar tsadar yadi, sai ya rubuta a gabansa cewa wannan ba a hannunsa yake ba. Ya ninke takardar ya ajiye. In batun haya ya taso masa cikin dare, yana da amsar da zai ba kansa: an rubuta, Laraba ce ranarsa.

Sirrin yana cikin ƙayyadewa. "In gyara harkar shago" ba mataki ba ne, wata sabuwar damuwa ce. A wani bincike da Michael Scullin da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 daga Jami'ar Baylor, mutum 57 sun yi rubutu na minti biyar kafin kwanciya. Waɗanda suka rubuta ayyukan da ke gabansu sun yi barci kusan minti tara kafin waɗanda suka rubuta ayyukan da suka riga suka gama, kuma masu rubutu dalla-dalla sun fi saurin yin barcin. Ƙaramin bincike ne, amma gwada abin ba ya cin ko sisi. Wanda boko bai zauna masa ba ya rubuta da ajami, ko ya zayyana wa matarsa ko ɗan'uwansa da baki.

Mataki na biyu ya fi wuya a karɓa. Wanda ya yi watanni yana juyi a gado ya koya wa jikinsa cewa gado wurin zulumi ne, shi ya sa barci kan zo masa a tabarma ya gudu a katifa. Richard Bootzin ya fito da hanyar warware wannan a 1972, kuma har yau likitocin barci na amfani da ita. Kada a kwanta sai barci ya fara nauyaya ido. In an yi kamar minti ashirin, a ƙiyasi ba da duba agogo ba, barci bai zo ba, a sauka daga gadon. Mai ɗaki ɗaya da iyali ba sai ya fita ba, ya koma kan darduma ko kujera cikin haske kaɗan, ya ja carbi ko ya saurari karatu a hankali, yana shaƙar iska ta hanci yana sakinta a tsawace fiye da yadda ya shaƙa, domin dogon sakin numfashi kan lafar da bugun zuciya. Waya dai a bar ta nesa, labarai da saƙonni itace ne a wuta. Idan hamma ta dawo a koma gado, ko da sau uku za a yi hakan a dare guda.

Lokacin tashi kuma ba ya canzawa komai munin daren. Wanda ya rama da dogon barcin hantsi ya cinye barcin daren gaba. Ƙailula kada ta wuce rabin awa, kuma a yi ta kafin la'asar. Makon farko mutum zai ji gajiya fiye da da, a nan ne da yawa suke sarewa, alhali gajiyar ce ke tara barcin da ake nema. Sai kuma goro da shayi da kofi: sinadarin kafin da ke cikinsu kan ɗauki wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka mai wannan matsala ya tsayar da su tun azahar, ko da 'yan majalisar shayin dare za su yi masa tsiya.

Waɗannan dabaru suna da iyaka. Idan rashin barci ya kai dare uku a mako har wata uku yana kuma taɓa aikin rana, a ga likita. Haka nan idan akwai rama da rawar hannu da yawan zufa, domin ƙwayar maƙogwaro mai aiki fiye da kima tana kwaikwayon fargaba, ko minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci, ko baƙin ciki da ya hana jin daɗin komai. Wanda ya fara jin gara ya mutu kada ya jira ko kwana ɗaya, ya gaya wa na kusa da shi a kai shi asibiti. Ƙwayoyin barci irin su baliyam da ake saya a kemis ba da takardar likita ba suna kawo barci a kwanakin farko, amma cikin 'yan makonni jiki kan saba ya nemi ƙari. Wanda ya riga ya daɗe yana shan su kada ya yanke lokaci guda, domin hakan na iya jawo jijjiga. Likita ne zai riƙa rage masa kaɗan-kaɗan.