Idan Malami Zai Tafi Zango Bai Ƙare Ba

Tun 1973 da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima, makarantun sakandare da dama a Najeriya, musamman na karkara, suke cike giɓin malaman lissafi da kimiyya da 'yan bautar ƙasa. Shekara guda suke yi, kuma rukuni-rukuni ake turo su. Shi ya sa ranar sallamarsu ba ta bin kalandar makaranta: sau da yawa sai ta faɗo a tsakiyar zango, an yi gwaji, jarabawa ba ta zo ba.

Wanda abin ya fi taɓawa shi ne ɗalibin da ya fara samun kansa a hannun wannan malami. A ɗauki yarinya 'yar aji uku na ƙaramar sakandare, wadda jarabawar BECE ke jiranta a ƙarshen shekara. Da can takan ci uku ko huɗu cikin goma a lissafi, yanzu ta kai bakwai, domin malamin yana zama da ita lokacin tara yana duba mata aiki. Idan ta zo ran Litinin ta tarar babu shi, ba ƙarewar hidima za ta gani ba. Gani za ta yi an watsar da ita. Alamar ba ta ɓuya: ta koma bencin baya, ta daina ɗaga hannu, aikin gida ya fara zuwa rabi-rabi.

Malamin da ya san aikinsa yakan faɗa mata tun saura mako biyu, a ofishin malamai, gaban wata malama. Ba ya cewa zai dawo in ya san ba zai dawo ba. Yakan buɗe littafinta, ya nuna mata shafin farko mai cike da jan biro, sannan shafin makon jiya, ya ce, "Kin gani? Wannan aikinki ne, ba nawa ba. Abin da ya rage miki shi ne lissafin kaso, kuma na gaya wa wanda zai karɓe ku."

Wannan magana sai da takarda a bayanta. Kafin shugaban makaranta ya sa hannu a takardar sallamarsa, ya kamata malamin ya miƙa makin gwaje-gwaje cikakke, da rajistar aji, da bayanin darasin da aka tsaya a manhaja. In makin ya ɓace, yarinyar ce za ta ga gurbinta fanko a sakamakon zango. Ya kuma ƙara layi biyu a kanta: inda take tuntuɓe, da irin bayanin da take saurin ganewa.

Batun lambar waya kuwa, iyayenta ko shugaban makaranta ake ba wa, ba ita ba. A ranar ƙarshe, ya shigo da sabon malamin aji, ya gabatar da ita da sunanta, a roƙi gafarar juna, sannan a ci gaba da darasin ranar.