Ko Kun Sani? Gindin Roba Ya Fi Hula Gaskiya

Ganin zoben hular robar ruwa ko lemo bai tsinke ba ba ya tabbatar da komai, domin 'yan jabu kan tausasa hula da ruwan zafi, su zare ta har da zoben, su ɗura nasu ruwan, su mayar. Ledar wuya kuwa, na'urar busar gashi ma kan manna ta. Juya robar ka duba gindinta: sabuwa daga injin hurawa sumul take, da 'yar cibiya a tsakiya, wadda aka tsinto a bola kuwa ƙafafunta sun kuje, datti ya maƙale a lungunansu. Wani zai ce lodin mota ma kan kuje roba. Haka ne, amma lodi ba ya barin tabon tsohon gam ƙarƙashin sabuwar takarda.