Buhu Bai Iso Ba: Yadda Ake Zama da Mai Kawo Kaya

Duk mai masana'antar gyaran shinkafa a Sharaɗa ko Challawa ya san zafin ranar da injin ke aiki, shinkafa ta taru, amma babu buhun da za a ɗura ta. Abin da aka saba yi shi ne a kira mai kawo buhun a yi masa faɗa, shi kuma ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, mota ce ta lalace." Sai a haƙura, wata mai zuwa a sake. Faɗa ta waya ba ya barin shaida, kuma ba ya gaya wa mutum iyakar abin da ake so ya gyara.

Manyan kamfanoni sun daɗe da mayar da wannan magana lissafi. A 2017 kamfanin Walmart na Amurka ya fara cin tarar kashi 3 cikin ɗari na kuɗin kayan da ba su iso a kan lokaci kuma a cike ba, a 2020 kuma ya ɗaga abin da yake bukata zuwa kashi 98. Ƙa'idar ingancin aiki ta ISO 9001 ma ta wajabta wa kamfani ya riƙa auna masu kawo masa kaya, ya kuma adana sakamakon. Ƙaramar masana'anta ba sai ta ci tara irin ta Walmart ba, amma littafin sito ya ishe ta yin awon.

A ɗauka masana'anta ta yi odar buhu sau 20 cikin wata uku. Sau 13 kayan sun zo ranar da aka yi alkawari kuma a cike, sau biyar sun makara, sau biyu sun zo a kan lokaci amma da giɓi. Makin mai kawo kayan ke nan kashi 65, domin kayan da ba su cika ba ana lissafa su da waɗanda suka makara. Cikin buhu 100,000 da aka karɓa kuma, 2,400 sun fashe a ɗinki, wato kashi 2.4. Waɗannan alƙaluma biyu ne za su shiga takarda, tare da ranar kowace oda, lambar kowane rukunin kaya da hotunan ɗinkin da ya ɓalle. A aika masa takardar mako guda kafin zama, don ya duba nasa littafin.

A nan ne gardama kan tashi, kuma sau da yawa mai kawo kaya yana da gaskiya. Wace rana ake nufi da "kan lokaci", ranar da mai saye ya nema ko ranar da mai kawowa ya amsa zai iya? Idan ba a rubuta wannan ba tun farko, kowa zai zo da lissafinsa. Haka kuma idan biyu daga cikin makarar nan biyar sun faru ne saboda masana'antar ta jinkirta biyan kuɗin kafin alƙalami, adalci shi ne a cire su daga laifinsa, makinsa ya koma kashi 75. Manajan da ya ƙi yarda da wannan ya zubar da darajar takardar tasa da hannunsa, don daga ranar ba za a ƙara ɗaukar alƙalumansa da muhimmanci ba.

Sai batun dalili. "Za mu ƙara kula" ba amsa ba ce. A kamfanin Toyota, Taiichi Ohno ya koyar da a tambayi "me ya sa?" har sau biyar. Me ya sa ɗinki ke fashewa? Zaren ba shi da ƙarfi. Me ya sa? An sauya shi da mai araha, kuma ba wanda ya gwada shi da nauyin kilo 50. Yanzu an samu abin da za a gyara, sai a ba shi mako biyu ya kawo matakansa a rubuce, kowane mataki da sunan wanda zai yi shi.

Mizanin da za a kafa masa ya zama mai hawa-hawa. A wata uku masu zuwa, oda 17 cikin 20 su iso daidai, buhu masu aibi kada su wuce kashi ɗaya. A ukun da ke biye, oda 19. A rubuta abin da zai biyo baya: buhun da ya fashe shi zai musanya da kuɗinsa, idan ya gaza za a miƙa kashi ɗaya cikin uku na odar ga wani, idan ya cika kuma za a tsawaita kwangilarsa. Ɓangarorin biyu su sa hannu, mai sito kuma ya riƙa tura masa makinsa a ƙarshen kowane wata, domin idan ya makara sau uku tun a watan farko ya san cewa saura ko ɗaya ba a ɗaga masa ba.