Yadda Ake Shirya Sharhin Littafin Addini da Siyasa

Sau da yawa akan ba malami littafi a ce ya yi masa sharhi, sai ya taƙaita babi-babi, ya rufe da yabo, ya ce ya gama. Wannan taƙaitawa ce kurum. Sharhi kuwa awo ne, watau a ɗora abin da marubuci ya yi da'awa bisa hujjar da ya kawo, a ga ko ta ɗauke shi. Za mu ɗauki misali da littafin John Paden a kan addini da al'adun siyasa a Kano, wanda aka buga a 1973.

Sharhi nagari yana da gaɓa huɗu. Ta fari ita ce gabatarwa: sunan littafi, da mawallafi, da maɗaba'a, da shekara. Ta biyu, a faɗi tambayar da littafin ya tashi amsawa cikin jimla biyu ko uku. Tambayar Paden ita ce, ta yaya koyarwar ɗariƙu game da shugabanci da zaman jama'a take shafar yadda mutanen Kano suke kallon mulki? Mai sharhin da ya kasa fitar da wannan a taƙaice, to, bai gama karatu ba tukuna. Ta uku ita ce awon hujja, ita ce kuwa ya kamata ta ci kamar rabin sharhin. Ta huɗu hukunci: abin da littafin ya ƙara wa ilmi, da inda ya gaza, da wanda zai amfana da shi.

Ma'auni na farko wajen awon hujja shi ne tushen labari. Malaman Kano da Larabci da ajami suka yi yawancin rubutunsu, saboda haka lalle a duba ko marubuci ya karanta su da kansa, ko kuwa fassara aka yi masa. A duba kuma bakin wa ya ji. In shehunai da fadawa kaɗai ya zanta da su, abin da ya samu ra'ayin manya ne, kada a bar shi ya kira shi ra'ayin gari duka.

Ma'auni na biyu ya fi wuya, shi ne rarrabe abin da ya zo tare da wani da abin da ya jawo shi. Ga misali. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, wanda ya hau gado a 1953, babban Batijjane ne mai bin Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha, gidan Sakkwato kuwa, inda Sardauna ya fito, tushensa Ƙadiriyya ne. A 1963 Sarki ya yi murabus, ya koma Azare. Mai gaggawa sai ya ce rigimar ɗariƙa ce. Amma fa kafin murabus ɗin an yi binciken kuɗin En'e ta Kano, ga kuma ja-in-ja a kan iko tsakanin fadar Kano da gwamnatin Jihar Arewa a Kaduna, alhali Sarki da Sardauna duk jigogin jam'iyya ɗaya ne. Bugu da ƙari, a cikin birnin Kano ɗin nan Shehu Nasiru Kabara yake jagorancin Ƙadiriyya. Ashe ba a iya cewa Kano Tijjaniyya ce, Sakkwato Ƙadiriyya, a tsaya nan. Aikin mai sharhi shi ne ya buɗe shafukan da marubuci ya yi maganar wannan al'amari, ya ga ko ya jera dalilan nan uku ya auna su, ko kuwa ya ɗauki wanda ya dace da ra'ayinsa ya bar sauran. Kowanne ya tarar, ya nuna lambar shafi.

Ma'auni na uku adalci ne ga zamanin littafin. An kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, tarzomar Maitatsine ta auku a Kano a 1980, duk bayan fitowar littafin Paden. Ba a zarginsa don bai ambace su ba. Abin da ya halatta shi ne a tambaya ko bayaninsa yana taimakon mai karatu ya fahimci abin da ya biyo baya.

Saura abu ɗaya, shi ne son zuciyar mai sharhin kansa. Kusan kowane ɗayanmu yana da ɗariƙa ko ra'ayin siyasa da ya tashi a ciki. Alamar ya karkata ita ce, sai a ga yana gardama da shehin da aka ba da labarinsa, ya manta da marubucin. In ya ga haka a rubutunsa, sai ya soke wannan sakin layi, ya koma kan hujja, gama littafi aka ba shi ya auna, ba a naɗa shi alƙalin ɗariƙu ba.